Tambayoyi da amsoshi kan injin gazuwal na kwaman-rel, daga wani gareji a Maraɗi

Waɗannan tambayoyi ne da nake amsawa kusan kowane mako, daga bakin direbobi, masu motoci da yaran da ke koyon aiki a hannuna. Na taso a kan tsohon famfon gazuwal, wanda kunne da sifana suke isar mutum ya gane ciwonsa. Da motoci masu rubutun D-4D, HDi, CDI da dCi suka cika gari, dole ta sa na koma ɗalibi, kuma na ga injina masu lafiya da yawa sun lalace saboda an yi musu maganin tsohon zamani. Na sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar ta jingina da wata.

1. Maigida, wai mene ne kwaman-rel ɗin nan, kuma me ya raba shi da injin da muka saba?

A tsohon tsari, irin na Land Cruiser mai injin 1HZ ko Hilux mai 5L, famfo ɗaya ne ke yin komai. Shi ke matsa mai, shi ke auna yawansa, shi ke zaɓar lokacin da kowace silinda za ta samu nata. Injakta ba ta da ta cewa: matsin mai ya zo ya rinjayi sifirin ɗinta ta buɗe, matsin ya faɗi ta rufe. Ƙarfin matsin kuwa yana bin gudun inji ne, in injin na silo matsin ya yi sanyi, feshin ya yi kauri.

A kwaman-rel an raba aikin gida uku. Famfo matsawa kawai yake yi. Man da ya matsa yana taruwa a wani bututun ƙarfe mai kauri da ke kwance a gefen kan inji, shi ake kira rel, kuma duk injaktocin daga shi suke sha. Buɗe kowace injakta da rufe ta kuwa aikin kwamfutar mota ne, ta hanyar wayar lantarki. Ka ɗauko misalin shaton ruwa na unguwa: injin rijiya cika shato yake yi, ruwa na jiran aiki a cikin bututu dare da rana, mai gida ne ke murɗa kan famfo a lokacin da ya ga dama. Saboda matsi yana ajiye kullum, kwamfuta tana iya fesa mai a daidai lokacin da take so, da yawan da take so, ko injin na gudu ko yana silo.

2. Tun yaushe aka fara shi, kuma yaya zan gane motata irinsa ce?

Kamfanin Denso na Japan ya sa shi a manyan motocin Hino a 1995. A ƙananan motoci kuwa ya fito a 1997, a Alfa Romeo 156 JTD, aikin da Fiat ta fara, Bosch ta kammala. Ka buɗe bonet ka bi bututun ƙarfen da ya fito daga kowace injakta. In duk sun je sun haɗu a jikin bututu ɗaya mai kauri, kuma kowace injakta tana da soket ɗin waya a kanta, to shi ne. In kowane bututu ya zarce kai tsaye zuwa famfo, tsohon tsari ne.

3. Ana ta cewa matsi mai yawa. Nawa ne, kuma me ya sa sai an kai haka?

Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska bar 2 zuwa 2.5. Rel kuwa, ko a silo, yana riƙe da bar 250 zuwa 350. In an taka totur da kaya a baya, injinan farko suna kai bar 1,350, na bayansu 1,600 zuwa 1,800, sababbi suna haura 2,000. Bar 1,600 tamkar a ɗora sama da tan ɗaya da rabi ne a kan wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Na'urar gwaji ta Toyota takan nuna shi da MPa ko kPa: 30 MPa shi ne bar 300.

Dalilin shi ne gazuwal ba shi da fulogi mai tartsatsi. Zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna shi, kuma lokacin da yake da shi ya gauraya da iskar ya ƙone bai kai ƙiftawar ido ba. Sai an mai da shi kamar hazo tukuna. A bakin nozul akwai ƴan ramuka shida zuwa takwas, kowane faɗinsa bai fi gashin kai biyu ba, kuma ba abin da zai tura isasshen mai ta irin waɗannan ramuka cikin wannan ɗan lokaci sai matsi mai tsanani. In feshin ya yi laushi mai yana ƙonewa duka, ƙarfi ya ƙaru, baƙin hayaƙi ya ragu. In ya yi kauri, wani kasonsa ta salansa zai fita.

4. Wace hanya mai yake bi daga tanki har cikin silinda?

Hanyar kashi biyu ce. Kashin farko mai ƙaramin matsi ne: daga tanki zuwa filta, daga filta zuwa bakin babban famfo. A wasu motocin ɗan famfon lantarki ne ke turo man daga tanki, a wasu kuma, kamar Hilux D-4D, babban famfon ne ke tsotso shi da wani ƙaramin famfo da ke jikinsa. A irin na biyun, tiyo mai tsaga ba ya ɗigar da mai, iska yake sha, shi ya sa yake wahalar ganowa.

Kashi na biyu yana farawa a cikin babban famfo, inda ƴan fistin biyu ko uku ke matsa man su tura shi rel. A bakin famfon akwai bawul mai aiki da lantarki da ke auna yawan man da za a matsa. A famfon Denso sunansa SCV. A jikin rel kuma akwai sansa da ke gaya wa kwamfuta matsin da ke ciki, sai wani bawul da ke sako mai ya koma tanki in matsin ya wuce iyaka. Kwamfuta tana da adadin da take nema, sansa yana kawo mata adadin da ke akwai, ita kuma tana buɗe bawul ko ta tsuke shi har su daidaita, ba tsayawa. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, wanda ake nema da wanda ake samu, domin rabin binciken da ke amsa ta 8 a kansu yake.

5. In matsin ya kai haka, yaya ɗan lantarki ke iya buɗe injakta?

Nan ne hikimar abin take, kuma wanda ya gane ta ya gane yawancin ciwon waɗannan injina. Lantarki ba ya ɗaga allurar nozul da kansa, ƙarfinsa ba zai kai ba. Man ne ke rufe ta, man ne kuma ke buɗe ta.

Man rel yana shiga injakta ya rabu biyu. Wani ya sauka ƙasa, ya kewaye kafaɗar allura yana tura ta sama. Wani ya bi ta wani ɗan rami ya shiga ƙaramin ɗaki a saman sandar da ke danne allurar, yana tura ta ƙasa. Matsin ɗaya ne a sama da ƙasa, amma saman sandar ya fi kafaɗar allura faɗi, ga kuma sifirin yana taimakawa, saboda haka na sama ne ke da rinjaye, allura ta zauna a rufe. Ɗakin nan na sama yana da ƙofar fita da wani ɗan bawul ya toshe, a injaktocin Bosch ɗan ƙwallon ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gero ba. In kwamfuta ta aiko wuta, maganaɗisun da ke kan injakta ya ɗaga wannan bawul kaɗai. Ramin fita ya fi ramin shiga faɗi, sai ɗakin ya zube da sauri fiye da yadda yake cika, matsin sama ya faɗi, na ƙasa ya ɗaga allura, mai ya fesu. An yanke wuta, bawul ya koma, ɗaki ya cika, allura ta rufe.

Man da ya fita daga ɗakin sama ba ya shiga silinda. Yana bin tiyon komawa zuwa tanki. Ke nan kowace injakta mai lafiya tana mayar da ɗan mai, wadda bawul ɗinta ya cinye kuwa tana mayar da mai da yawa, tana zubar da matsin da sauran injaktocin ke dogaro da shi. Wasu sababbin injina suna amfani da wani irin dutse mai miƙewa in wuta ta taɓa shi maimakon maganaɗisu, ya fi sauri, amma a mafi yawansu dabarar ɗakin sama tana nan.

6. Me ya sa ba ya ƙwanƙwasa kamar tsohon inji?

Domin ba a zuba man gaba ɗaya. Kafin babban feshi, kwamfuta tana sakin ɗan digo, bai fi milimita kubik 1 zuwa 2 ba, ya kama wuta ya ɗumama ɗakin. Da babban feshin ya iso sai ya tarar da wuta, ya ci a hankali maimakon ya fashe lokaci guda. Injin da ke juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana tashi sau 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma a kowane tashi injakta na iya buɗewa sau biyu, uku ko fiye. In ka ji motarka ta fara ƙarar ƙwanƙwasa da safe kamar tsohuwar tirakta, sau da yawa wannan ɗan digon ne ya ɓace ko ya yi yawa saboda injakta ta gaji.

7. Alhaji ya ce man bakin hanya ne ya kashe masa famfo. Tsohuwar motarsa kuwa shekara da shekaru tana shan sa lafiya. Yaya haka?

Gaskiyar Alhaji ce, kuma gaskiyar tsohuwar motar ce. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin injakta da famfon kwaman-rel ƴan maikuron ne ƙalilan, gashin kai kuwa yana kai maikuron 70. Filtar asali tana kama datti mai girman maikuron 2 zuwa 5, abin da ido ba ya gani. Ƙurar hunturu da ta shiga jarka, a matsin bar 1,600, tana cin bawul ɗin da na bayyana a amsa ta 5 kamar yadda yashi ke cin tukunya. Tace mai da ƙyalle ko tsohuwar hula yana kama tsakuwa da ciyawa, amma wannan ƙurar wucewa take yi.

Ruwa ya fi ƙura sharri. Famfon nan ba shi da wani man shafawa sai gazuwal ɗin da ke ratsa shi. Ruwa ya shiga, shafawa ta yanke, tsatsa ta kama, ƙarfe ya fara goga ƙarfe. Kananzir da fetur da ake gaurayawa a gazuwal su ma haka suke yi, domin ba su da santsin da famfon ke buƙata. In famfo ya fara niƙa kansa, garin ƙarfen yana bin rel ya shiga injaktoci, ya bi tiyon komawa har tanki. Ka juye man filta a farar roba ka duba a rana: in ka ga ƙyalƙyali, ka sa maganaɗisu, in ya kama, to canza famfo kaɗai asarar kuɗi ce, sai an sauke tanki an wanke, an wanke ko an canza rel da bututai, an gwada injaktocin duka.

Ba na cewa duk mai jarka maha'inci ne. Na san mutum yakan je daji wajen Dakoro ko Mayayi inda ba gidan mai kusa, dole ya saya. In haka ta kama, a bar jarkar ta kwana a tsaye, ruwa ya fi gazuwal nauyi, zai kwanta ƙasa, a zuba na sama a bar na gindi. A riƙa tsiyaye ruwan da ke ƙasan filta, kar a jira fitilar gaban direba ta kama. Ni a motocin da ke shan irin wannan mai ina canza filta a rabin tafiyar da littafin mota ya faɗa, kuma ba na sa filtar da ban san asalinta ba, ko da mai mota zai ji haushina.

8. Motata tana tashi da safe, amma in ta yi zafi na kashe, sai ta ƙi tashi. Batir ne ko famfo?

Bari in ba da labarin wata bas mai injin CDI silinda huɗu da ke jigila tsakanin Maraɗi da Zinder. Da safe bugu ɗaya take tashi. In direba ya tsaya salla a Tasawa ya kashe, sai an tura ko an jira ta huce. Kafin ta zo wurina an sa mata sabon batir, an gyara sitata, har an yi cinikin famfo na hannu.

Na sa na'urar gwaji na zaɓi lambobi biyun nan na amsa ta 4. Kwamfuta ba ta buɗe injakta ko ɗaya sai matsin rel ya kai wani mataki, a injina da yawa wajen bar 200 zuwa 250, a wasu ƙasa da haka. Da sanyi, ana buga sitata matsin ya haura 280, ta tashi. Muka bar ta ta yi zafi sosai, muka kashe, muka sake bugawa: matsin ya tsaya wajen 140 ya ƙi gaba. Ga kuma lambar P0087 a ajiye, wadda ke nufin matsin rel ya yi ƙasa. Lambar ba ta ce famfo ya mutu ba. Cewa ta yi matsi bai kai ba, kuma hakan na faruwa ta hanya biyu: ko mai ba ya isowa, ko yana isowa yana zurarewa.

Muka fara da mai arha. Filta sabuwa ce, ba ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinta, kuma da muka sa farin tiyo ba mu ga kumfar iska ba. Muka duba bawul ɗin da ke ƙarshen rel, domin a wannan injin ƴar robarsa in ta tsage tana kawo ciwo iri ɗaya, muka same ta lafiya. Sai muka cire tiyon komawa daga kan injaktocin, muka toshe bakinsa, muka sa wa kowace injakta nata siririn tiyo zuwa kwalba mai ma'auni, muka bar injin a silo minti biyu. Kwalabe uku suka tara tsakanin mililita 12 da 15. Ta silinda ta uku ta tara kusan 60. Abin da ake dubawa shi ne bambanci: wadda ta ninka mafi ƙanƙanta sau uku abar zargi ce. Zafi yana tsinka gazuwal, ya fi saurin bi ta bawul ɗin da ya cinye, sitata kuma ba ta juya famfo da saurin da zai cike giɓin. Turawa tana tayar da ita ne saboda tana juya injin da sauri fiye da sitata. Injakta ɗaya muka canza, matsin bugun zafi ya koma sama da 270, famfon da aka so jefarwa yana nan yana aiki.

A Hilux mai 1KD ko 2KD bututun komawa yana ƙarƙashin murfin kan inji, gwajin kwalba ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Can ana karanta gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace silinda a silo, in ya wuce 3 sama ko ƙasa a cire injaktar a kai ta injin gwaji. In kuma matsin da ake samu yana hawa da sauka a silo, motar tana mutuwa a mahaɗar hanya, a fara zargin SCV kafin famfo.

9. An canza mini injakta, aka ce sai an shigar da lamba. Ba dabarar cin kuɗi ba ce?

Ba ita ba ce. Injaktoci biyu daga masana'anta ɗaya ba sa fesa daidai wa daida, saboda haka ake gwada kowace a rubuta halinta a kanta da haruffa da lambobi. A na Denso jerin yakan kai 30. In an shigar da shi, kwamfuta ta san wadda za ta ƙara wa lokaci da wadda za ta rage wa. In ba a shigar ba motar za ta tashi, amma da rawa a silo, da ƙwanƙwasar da ke amsa ta 6, da hayaƙi. Haka ma in an cire su don wanki aka sauya musu gurbi, shi ya sa nake sa yara su rubuta lambar silinda a jikin kowace kafin su ajiye.

Abu na biyu da ake rainawa shi ne washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin injakta. Sau ɗaya ake amfani da ita, a goge mazauninta, a ɗaure da ma'aunin ɗauri. In ta yi yoyo, hayaƙin silinda yana bi ta gefe ya daskare kamar kwalta. A injin 1KD wannan dattin yana gangarawa cikin baƙin mai ya toshe rariyar famfon baƙin man, kuma na ga injin da ya ƙone ƙurmus a kan washar da ba ta kai kuɗin abincin rana ba.

10. Mai ya ƙare mini a hanya. In sassauta bututun injakta in fitar da iska kamar da?

A'a, ɗan'uwa, kar ka yi. Wannan al'adar tsohon famfo ce. A nan, mai da ke fita ta ɗan tsagi da irin matsin da ke amsa ta 3 yana huda fata ya shiga nama. Ramin zai yi kamar cizon sauro, ciki kuwa naman na mutuwa, yana iya kai ga yanke yatsa ko hannu. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti nan take, ya gaya wa likita gazuwal ne mai matsi ya shige shi, kar ya jira kumburi. Kada a laluba yoyo da hannu inji na aiki, kuma bayan an kashe a dakata ƴan mintoci kafin a taɓa bututu.

Iskar tana fita da kanta ta hanyar komawa. In motar tana da famfon hannu a kan filta, ka danna har ya yi tauri. In ta lantarki ce, ka buɗe makulli ka jira ƴan daƙiƙu ka rufe, sau huɗu ko biyar, sannan ka buga. Kar ka daɗe kana buga sitata famfo a bushe. Kuma a watan Afrilu, da zafin Maraɗi ya haura digiri 40, ba na son tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin man da ke dawowa daga injaktoci da zafi yake dawowa, ɗan kaɗan a tanki ba ya samun hucewa.

11. Yaron gidan mai ya zuba mini fetur bisa kuskure. Me zan yi?

Kar ka buɗe makulli ko don ganin awon mai, domin a motoci da yawa buɗewar kaɗai tana tayar da famfon tanki. A tura motar gefe, a zuƙe tankin tas, a canza filta, a zuba gazuwal. In ka riga ka yi tafiya da shi, ka tsaya inda ka tuna, a jawo ta, a yi gwajin farar roba da maganaɗisu na amsa ta 7 kafin a sake tayar da ita. Cika sauran tankin da gazuwal don a tsarma fetur ɗin dabara ce da tsohon inji yakan jure, wannan famfon kuwa ba a yi masa ita.